Maigida ya ce kashi 3, ƙanwata ta ce kashi 4, wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Kano, ina saro atamfa da leshi a Kwari ina sayarwa a gida. Ina so in ci bashin dubu 600 na wata 12 in ƙara jari kafin azumi. Wani maikurofainans sun ce kashi 3 a wata, wai filat, zan dinga biyan dubu 68 duk wata, za su cire dubu 18 na fom da inshora, su kuma riƙe dubu 60 a matsayin ajiya sai na gama biya, cikin kwana huɗu kuɗi zai fito. Abokin maigidana ne ma'aikacinsu. Kwafaretif ɗinmu ta mata kuma kashi 4 ce a wata, wai mai raguwa, fom dubu 5, watan farko dubu 74, amma sai na jira sati uku. Ƙanwata malamar lissafi ce, ta ce na kwafaretif ya fi arha. Maigida ya ce ko ɗan firamare ya san 3 bai kai 4 ba, kuma kawai ana so a nuna abokinsa macuci ne. Yau kwana biyar daga gaisuwa ba ya ƙara min komai, kuma shi ne garanto ɗina. Ni kaina ya kulle. Wa ke da gaskiya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a neman, ya kuma sanyaya zuciyar maigida. In ba ki amsa kai tsaye, ƙanwarki ce da gaskiya a lissafin nan, amma fa maigidanki ba wauta ya yi ba, abin da ya gani shi ne abin da kusan kowa yake gani, ni kaina da nake rubuta miki wannan na taɓa cin bashin firiza a wani banki da wannan tunanin, sai da na yi wata bakwai ina biya sannan wata rana da daddare na zauna da biro na gane abin da na sa wa hannu. Toh bari mu bi shi a hankali, dan so nake ki iya yi masa bayanin da bakinki ba sai an kira ƙanwarki ba.

Duk rikicin a kan tambaya ɗaya yake: kashi 3 ɗin na meye, kashi 4 ɗin kuma na meye? Lambar ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san a kan wane kuɗi ake ɗora ta. A filat, ana ɗora ta ne a kan kuɗin da kika karɓa ranar farko, kuma a nan take zaune daram har wata na ƙarshe, ko nawa kika mayar ba ruwansu. A mai raguwa kuwa, duk wata sai an duba nawa ya rage a hannunki sannan a ɗora kason a kan wannan ragowar kawai.

Ki ɗauka biki kike yi kin ɗauko hayar kujeru dozin 12. Kullum da yamma kina mayar wa mai su dozin ɗaya. Mai kujeru na farko ya ce shi kuɗinsa kaɗan ne a kan kowane dozin, amma kullum na dozin 12 za ki biya shi har rana ta ƙarshe, ko da dozin ɗaya ne ya rage a tsakar gidanki. Na biyu ya ce nashi ya ɗan fi tsada a kan dozin, amma iya wanda ya kwana a wajenki za ki biya wa. Kin ga ai wanda ya tsaya a "nawa ne dozin" zai ce na farko ya fi sauƙi, wanda ya ƙirga abin da zai fita daga jakarsa kuma ba zai ce haka ba.

Yanzu ki ɗauko littafin da kike rubuta masu bashin atamfa, ki buɗe bayansa ki ja layi a tsakiya. A duka biyun uwar kuɗin iri ɗaya ce, dubu 600 raba 12, dubu 50 kenan duk wata. A ɓangaren filat, kashi 3 na dubu 600 dubu 18 ne, ki haɗa da dubu 50 ga dubu 68 ɗin da suka faɗa miki. Dubu 18 sau 12 ya zama dubu 216, shi ne kuɗin ruwan gaba ɗaya, jimillar abin da za ki biya dubu 816.

A ɗaya ɓangaren, watan farko ana bin ki dubu 600, kashi 4 ɗinsa dubu 24, ga dubu 74 ɗin da ya tsorata maigida. Wata na biyu kin riga kin mayar da dubu 50, saura dubu 550, ruwansa dubu 22, za ki biya dubu 72. Na uku dubu 70. Na huɗu dubu 68, nan sun yi kunnen doki da filat. Daga nan kuma sai ƙasa, kowane wata dubu 2 na sauka, wata na takwas dubu 60, na ƙarshe ana bin ki dubu 50 kacal, ruwansa dubu 2, ki biya dubu 52 ki tashi. In kika tara ruwan duka, 24 da 22 da 20 har zuwa 2, dubu 156 ne. Jimilla dubu 756. Tsakaninsa da wancan dubu 60, kuma mai "tsadar" ne ya fi arha.

Wurin da nake so ki tsaya ki kalla da kyau shi ne wata na 12 a ɓangaren filat. Dubu 50 ne kawai ya rage na mutane a hannunki, amma dubu 18 za ki biya a kansa. Wannan kashi 36 ne cikin 100 a wata guda. A wata na bakwai ma, lokacin da rabin kuɗin ya koma musu, dubu 18 a kan dubu 300 kashi 6 ne. Watan farko ne kaɗai kashi 3 ɗin nan yake kashi 3 na gaskiya, daga nan kullum hawa yake a ɓoye tunda bashin yana ƙanƙancewa shi kuma ruwan ya ƙi motsi. In aka baje shi a kan shekarar, dubu 600 ɗin nan ba ta zauna a hannunki wata 12 ba, matsakaicin abin da kika riƙe dubu 325 ne, kuma dubu 18 a kan dubu 325 wajen kashi 5 da rabi ne. Shi ya sa masu lissafi suke cewa in aka ba ki lambar filat a bashin da ake biya kaɗan-kaɗan na shekara, ki kusan ninka ta biyu kafin ki jera ta da lambar mai raguwa. Ba daidai biyu ba, ƙasa da haka kaɗan, amma ya ishe ki ki gane tun kina tsaye a bakin kantar banki. Wato gwajin gaskiya 5 da ɗoriya ne da 4, ba 3 da 4 ba.

Sai kuma abin da ya fi ɓata min rai a takardar, wanda ko ƙanwarki ban ji ta taɓo ba. In aka cire na fom da inshora aka kuma riƙe ajiyar, abin da zai shigo asusunki dubu 522 ne. Da shi za ki shiga Kwari, amma ruwan dubu 600 za a dinga lissafa miki. Eh ajiyar taki ce, za su dawo miki da ita, amma sai bayan an sha Sallah an manta, ba ta saro miki ko turmi ɗaya ba. Kuma ki lura, a watan ƙarshe suna bin ki dubu 50 alhali suna riƙe da dubu 60 ɗinki, kusan a ce ke ce kike bin su, amma duk da haka sai kin ba su dubu 18. In aka haɗa wannan duka a lissafi, ainihin tsadar ta haura kashi 6 da rabi a wata. A kuɗi tsaba, ruwa da caji na maikurofainans dubu 234, na kwafaretif dubu 161, bambanci dubu 73. Ke kika san turmi nawa za ki sayar, ki bi mata nawa gida-gida kina "Maman wane ya maganar cikon nan", kafin ki ga ribar dubu 73.

Amma kar ki ɗauka duk inda aka ce filat to mugu ne, duk inda aka ce mai raguwa ki sa hannu ido rufe. Da a ce sun ba ki filat ɗin a kashi 2, ruwansa dubu 144 ne, ya fi na kwafaretif sauƙi in babu wasu caje-caje. Haka kuma da bashin irin wanda ba a taɓa uwar kuɗin sai ranar ƙarshe ne, a biya ta dunƙule, toh babu wani raguwa da za a yi magana a kai, duka biyun abu ɗaya ne kuma nan maigida ne zai ci gardama, 3 bai kai 4 ba. Bambancin yana fitowa ne saboda kina mayar da kuɗin a hankali. Sannan shi ma mai raguwar iri biyu ne. Na kwafaretif ɗinku mai farawa da nauyi yana sauka ne. Bankuna da yawa sukan baje shi ya zama biya iri ɗaya duk wata, a kashi 4 zai kama kusan dubu 64, farko-farko ruwa ya fi yawa a ciki daga baya uwar kuɗi ta rinjaya, jimillar ruwan wajen dubu 167. Na faɗa miki wannan ne dan kar ki ga biya iri ɗaya duk wata ki yanke hukuncin filat ne. Hanyar ganewa ita ce ki ce a ba ki jadawalin biya a rubuce, mai nuna ruwa daban uwar kuɗi daban. In layin ruwa lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa, filat ne ko me aka kira shi. In yana sauka, mai raguwa ne.

Akwai wata tambaya da ta shafi irin sana'arki musamman. Ke cinikinki na lokaci ne, azumi da ƙaramar Sallah, a ɗan huta, sai babbar Sallah bayan wata biyu da 'yan kwanaki. Zai iya yiwuwa nan da wata shida kuɗi ya taru a hannunki ki so ki sauke nauyin gaba ɗaya. A mai raguwa, bayan wata shida kin biya ruwan dubu 114, saura uwar kuɗi dubu 300, in dokar kwafaretif ta yarda kika miƙa shikenan, dubu 42 na sauran watannin ya zauna a jakarki. A filat kuwa sau da yawa an riga an haɗe ruwan shekarar da uwar kuɗin tun ranar farko an mai da shi bashi ɗaya, sai ki je da murnarki a ce ai sauran dubu 108 ɗin ma sai kin cika, ko a rage miki wani abu kaɗan, ko a ce akwai tarar biya da wuri. Ba duka suke haka ba, shi ya sa za ki tambayi duka wuraren biyu, kuma a nuna miki layin a takarda, kar ki yarda da "ai ba matsala Hajiya". Haka tarar makara, ki ji nawa ce kuma a kan me ake ɗora ta, kuɗin watan da kika makara ko bashin duka.

Toh mu dawo gida, tunda na san shirun maigida ya fi dubu 73 ɗin damunki. Ni a ganina ba lamba yake karewa ba. Ya je ya yi wa abokinsa magana, wataƙila har an yi masa alƙawarin za a hanzarta, ya dawo da murna ya samo wa iyalinsa hanya, sai ga ƙanwar matarsa da biro tana cewa ba haka ba. Ko wane magidanci ne sai ya ji wani iri. Kuma yana da abin da zai kafa hujja da shi na gaskiya: wata ukun farko na kwafaretif sun fi nauyi, a lokacin da kayan ma ba su gama fita ba, kuma shi za a ƙwanƙwasa wa ƙofa in kika gaza. Sati ukun jira ma ba ƙaramin abu ba ne, in har zai sa ki shiga kasuwa bayan kaya sun tashi ko masu ɗinkin Sallah sun riga sun saya a wani wuri, asarar za ta iya cinye bambancin. Wannan ke kaɗai za ki iya aunawa, ki ƙirga daga yau zuwa lokacin da kwastomominki suka saba fara ɗauka.

Abokin nasa kuma ni ban ga dalilin kiransa macuci ba. Ya faɗa miki filat ne, ya faɗi abin da za a cire, bai ɓoye ba. Ba shi ya tsara ba, ma'aikaci ne da aka ba shi adadin mutanen da zai kawo, kuma irin waɗannan ƙananan bankuna suna son filat ne dan sauƙin lissafi da bayani, ga kuma lambar tana fitowa ƙarama a ido. Su ma suna da nasu kashe kuɗin, bin ƙananan basussuka lungu-lungu tsada gare shi. Ƙanwarki kuma, Allah ya saka mata, amma in a gabansa ta yi bayanin da muryar aji, ki ce mata ta ja baya daga nan, ta gama nata.

Abin da zan ce ki yi, ki bari sai ya ci abinci ya natsu, yara sun kwanta. Kar ki fara da "ƙanwata ta ce", kar ma sunanta ya fito. Ki ce masa, Baban su wane, tunda kai za ka tsaya min ina so ka duba min da idonka nawa zai fita gidan nan a kowanne, ni kaina lissafin ya rikita ni. Ki miƙa masa wayarsa ya buɗe kalkuleta, shi ya danna 68 sau 12, shi ya tara 74 da 72 har zuwa 52. Mutum ba ya gardama da lambar da yatsansa ya fitar. In ya gani, ki ba shi hanyar fita da mutuncinsa: ya koma wajen abokin ya ce ga abin da kwafaretif ta bayar, za ku iya saukowa kashi 2, ku kuma cire ajiyar dolen? In sun iya, kin samu kuɗi cikin kwana huɗu a farashi mai kyau kuma shi ne ya samo. In ba su iya ba, abokin da kansa ne ya ce ba zai yiwu ba, ba ke kika ƙi shi ba, zumuncinsu bai taɓu ba.

Kafin nan gobe-goben nan ki kai fom ɗin kwafaretif, sati ukun ya fara ƙirguwa, cike fom ai ba karɓar kuɗi ba ne. In jiran ne matsalar, ki yi wa dilan da kika saba saro kaya a wajensa magana ya ba ki rabin kayan zuwa sati uku, 'yan Kwari suna yi wa wanda suka yarda da shi. Sai dai shi ma ki tambayi farashin hannu da farashin bashi, in turmin dubu 10 ya koma dubu 11 saboda jiran wata ɗaya, kashi 10 kenan a wata, ya fi duka biyun da muke magana tsada, na ɗan tsallake sati uku ne kawai ba na zama ba.

Ki kuma sake tambayar kanki ko dole sai dubu 600 kuma dole sai wata 12. Kuɗin da zai juya ya dawo cikin wata biyar ko shida, riƙe shi shekara biyan hayar kujerun da ba kowa a kai ne. A tsarin kwafaretif ɗin, dubu 600 na wata shida ruwansa dubu 84 ne kacal, amma biyan watan farko zai zama dubu 124, in mafi yawan kayanki bashi kike bayarwa ana biyan ki a hankali toh wannan zai shaƙe ki, gara ki karɓi na shekara da sharaɗin za ki iya biya da wuri ba tara.

Ba ki tambaye ni hukuncin kuɗin ruwa ba, ni ma ba malama ba ce, amma 'yar'uwa ba zan rufe ba ban ce ki kai wannan gaban malamin da kika yarda da shi ba kafin ki sa hannu a ko wanne. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa a garin nan, Jaiz tun 2012 suke Kano, ga TAJ ma, suna yin murabaha, wato su sayi kayan su sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali. Ki leƙa ki ji sharuɗɗansu da tsawon lokacin da suke ɗauka. Can ma ki tafi da littafinki, tunda ribar tasu a dunƙule ake yanke ta tun farko, ki tambayi jimillar abin da za ki biya, nawa za ki fara ajiyewa daga aljihunki, da ko suna yin rangwame in kika gama da wuri, sai ki rubuta shi a layi na uku kusa da dubu 234 da dubu 161 ɗin nan ku duba tare da maigida.